Yara da tsoron bulala

Tambaya: "Ina koyarwa a aji huɗu na firamare a Daura. Duk sanda na tambayi yara me ya sa sata ba kyau, sai su ce saboda bulala. Na gaza ne?"

Malama, ba ki gaza ba. Lawrence Kohlberg, masanin halayyar ɗan Adam wanda ya gabatar da bincikensa a Jami'ar Chicago a 1958, ya kasa tunanin ɗa'a matakai shida. Yaranki suna na farko, inda laifi shi ne abin da ke jawo hukunci. A na biyu yaro kan ce "me zan samu?", a na uku kuwa yana son a ce masa yaron kirki.

Dalilin yaro za ki saurara, ba amsarsa kaɗai ba. Ki ce musu: yarinya ta tsinci naira 500 a aji, ba wanda ya gani, ta mayar? Kusan duka za su ce eh. Sai ki tambayi dalili. Wanda ya ce "kada a doke ta", ki ce masa ai ba mai dukanta. Zai yi shiru. Nan sai ki miƙa masa hujjar mataki na gaba kawai: in kuɗin tararka ne suka faɗi, me za ka so a yi? In kika yi tsalle zuwa haƙƙin al'umma, haddacewa zai yi, kamar karatun aku.

Amma fa waɗannan matakai, tunani suke aunawa, ba aiki ba. Na taɓa koyar da yaron da ya fi kowa iya bayanin amana, kuma a jakarsa muka sami biron da ya ɓata.