Tsallen igiya: sharaɓa da idon sawu na ciwo

Tambaya: "Na fara tsallen igiya don in ƙara juriya, amma igiyar na yawan harɗe min ƙafa, washegari kuma sharaɓata da idon sawuna ciwo suke yi. Ina gyara?"

Ɗan'uwa, fara da tsawon igiyar. Taka tsakiyarta da ƙafa ɗaya, ka ja hannayenta sama. In sun kai hammatarka, ta yi daidai. In sun wuce kafaɗa, ɗaura ƙulli kusa da mariƙin. Igiyar da ta yi tsawo kan daki ƙasa a gabanka ta yi tsalle, shi ke kawo harɗewar.

Ciwon sharaɓa kuwa, yawanci daga tsalle da nisa ne. Igiya siririya ce, tashin santimita 2 zuwa 3 ya ishe ta wucewa. Sauka a kan gaban tafin ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, gwiwar hannu kusa da haƙarƙari, wuyan hannu ne ke juya igiyar. Saurari saukarka: in kana jin dif-dif, da ƙarfi kake sauka. Juyi ɗaya, tsalle ɗaya, kada ka saka ƙaramin tsalle a tsakani.

Makon farko yi daƙiƙa 30, huta 30, sau biyar, kana tsallake kwana ɗaya. Don Allah ka guji siminti ba takalmi. Sa kambas, ka nemi tabarmar roba ko ƙasa mai laushi. Kafin ka fara, jujjuya idon sawu, ka yi ɗage sau 15.

Tsamin jiki yakan lafa cikin kwana biyu ko uku. Amma in ka ga kumburi, ko zafi mai suka a jijiyar bayan dunduniya, ko a wuri ɗaya kan ƙashin ƙwauri, ajiye igiyar ka ga likita.