Inshorar lafiya: dala 300 ko 450 a wata?

"Ina Amurka, matata na da juna biyu. Inshora ɗaya dala 300 a wata, ɗaya 450. In ɗauki mai arha?"

Ɗan'uwa, dakata tukuna. Fara ninka kuɗin wata sau 12: ta farko 3,600, ta biyu 5,400. Sannan nemi inda aka rubuta deductible, wato abin da za ka biya daga aljihunka kafin kamfanin inshora ya fara biya. Mai arha a nan take ramawa.

A ce deductible na ta farko 6,000 ne, na ta biyu 1,500, kuma bayan haka kashi 20 cikin ɗari ne naka a kowacce. Idan haihuwa ta ci 15,000, a ta farko za ka biya 6,000, da 1,800 daga ragowar 9,000, da kuɗin shekara: 11,400 ke nan. A ta biyu 1,500 da 2,700 da 5,400, wato 9,600. Ka ga mai tsadar ta rage maka 1,800.

Da shekarar ba asibiti, mai arha ce riba, amma ku haihuwa na tafe. Ka tabbatar asibitin da take awo yana jerin waɗanda kamfanin ya amince da su, in ba haka ba lissafin nan ya rushe. Allah ya sauke ta lafiya.