Ruwan jabel a ɗakin girki: nawa za a zuba, minti nawa za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan abinci a Garwa, muna sayar da shinkafa, kifi, kaza da salak. Kullum da dare yarana suna haɗa omo da ruwan jabel a bokiti ɗaya su goge tebura da katakon yanka, amma da safe ƙarnin kifi yana nan, ga hannuwansu duk sun tsattsage. Don Allah Malam, jabel nawa ya kamata mu zuba, kuma sau nawa a rana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gyara na farko shi ne raba bokitin nan gida biyu. Sabulu aikinsa ɗauke maiƙo da jini da ɓawon kifi. Jabel aikinsa kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba ya iya wannan aiki a kan datti, domin sinadarin kulorin da ke cikinsa da zarar ya haɗu da maiƙo ko ragowar abinci sai ya ƙare a kansu tun bai kai ga ƙwayoyin ba. Tsumman da aka goge katakon kifi da shi, in aka mayar da shi cikin bokitin sau biyu ko uku, ruwan ya tashi daga aiki, sai dai warinsa. Tsagewar hannu kuwa alama ce ta cewa ana tuttula jabel da ka, ba awo.

Don haka a fara kankare ragowar abinci, a wanke da omo ko sabulun wanke-wanke da soso, a ɗauraye har santsi ya tafi. Sai a kawo ruwan jabel da aka auna a jiƙa wurin sharkaf, a bar shi.

Abin da ake nema ga duk inda abinci ke taɓawa shi ne miligiram 200 na kulorin a kowace lita ta ruwa. Ki juya kwalbarki ki duba. Jabel ɗin da ke kasuwanninmu yawanci ana rubuta ƙarfinsa da digiri, kamar 8° ko 12°, wani kuma za ki ga 2,6 %, wanda ya yi kusa da na 8° ɗin. Lissafin ba wuya:

```
63 ÷ digiri = ml na jabel a lita 1
```

In na 12° ne, mililita 5 kenan da 'yan kai a lita ɗaya, wato ƙaramin cokalin shayi guda. In na 8° ne, mililita 8. A ce bokitinki mai lita 10 ne kuma jabel ɗinki 12°: mililita 50 za ki zuba, sirinji mai cin mililita 10 sau biyar. Na 8° kuwa sau takwas. Ina ba da shawarar sirinji saboda cokula sun bambanta, murfin kwalba ma haka. Ki sayi guda a kantin magani, ki cire allurar, ki ɗaure shi da zare a jikin bokitin, sannan ki ja layi da fenti a daidai lita 10 domin ko yaron da ya zo jiya ya iya haɗawa. Da ruwan sanyi ake haɗawa, domin ruwan zafi yana korar kulorin ya tashi sama ya shiga ido da maƙogwaro.

Jabel ɗin da ake ɗurawa a gorar ruwa ana sayarwa ba takarda, ban yarda da shi ba ga wurin abinci, tunda ba mai iya gaya miki ƙarfinsa. Ko na kamfani ma zafi yana cinye shi. Kwalbar da ta yi watanni a rumfa cikin zafin Maris da Afrilu na Garwa, lokacin da ake haura digiri 40, ba ta kai abin da aka rubuta a jikinta ba. Ki riƙa sayen kaɗan kaɗan, ki ajiye a inuwa a rufe. Wanda aka surka kuma na yini ɗaya ne. In ya yi duhu ko kika ga maiƙo na yawo a samansa, a zubar a sake, ko da rana ba ta yi ba.

Sai maganar lokaci, wadda a nan na fi ganin ana yin asara. Na taɓa tsayawa a wani gidan abinci ina kallon yarinya ta yi awo daidai, ta shafa a tebur, nan take ta bi da busasshen tawul. Duk wahalarta ta tafi a banza. Kulorin yana buƙatar wuri ya zauna a jiƙe. A kan tayil mai santsi ko ƙarfe mara tsatsa da aka wanke tas, minti ɗaya shi ne mafi ƙaranci, amma ni minti 5 nake sa mutane su bari, musamman katako da robar yanka masu sawun wuƙa. Matsalarmu a nan ita ce iska busasshiya: da hunturu ko bazara sai ki ga tebur ya bushe kafin minti biyar su cika. In ya bushe, a sake jiƙawa. Wuƙaƙe da ƙananan allunan yanka gara a nutsa su cikin baho gaba ɗaya. Bayan nan a jingine su su bushe da kansu. A wannan awon ba dole sai an ɗauraye ba, in kuma za a ɗauraye saboda wari, to da ruwan da za ki iya sha, kada a mayar da abin da aka kashe. Wuƙa kada ta wuce minti biyar ɗin, za ta yi tsatsa, tukwanen alminiyam kuwa jabel yana cin su, sabulu da ruwan zafi sun ishe su.

Game da sau nawa, da dare kaɗai bai isa ba. Da safe kafin a ɗora komai, a yi wa teburan aiki cikakken wanki da jabel, saboda ƙura da kyankyasai da ɓeraye sun bi ta kai cikin dare. Duk lokacin da aka gama gyaran ɗanyen kifi ko kaza, a yi wa katako da wuƙa da teburin nan take, kafin latas ko tumatir su matso kusa. Wannan shi ne mafi muhimmanci a wurinki, domin kifi zai shiga wuta, salak kuwa daga katako sai bakin mai saye. In da hali ma ki ware wa salak allonsa da wuƙarsa. Wurin da ake aiki a kai ba tsayawa kada ya wuce awa 4 ba a wanke ba, kuma mafi sauƙin tunawa shi ne a ɗaura shi da salla: bayan azahar, bayan la'asar, sai na lokacin tashi daga aiki, muddin tazarar ba ta wuce awa 4 ɗin ba. Hannun firij da kan famfo sau ɗaya ko biyu a rana. Cikin firij, kantoci da bayan murhu sau ɗaya a mako. Tsummoki a wanke su da sabulu kowane dare, a jiƙa a sabon ruwan jabel, a shanya, kada su kwana a dunƙule.

Ƙasa da magudana da kwandon shara suna ɗaukar wanda ya ninka wannan sau biyar, wato mililita 250 na 12° a lita 10, da safar hannu ta roba. Wannan mai ƙarfin in ya taɓa wurin abinci dole a ɗauraye. Kuma ki ja wa yaranki kunne da babbar murya: kada a haɗa jabel da ruwan tsami na kanti, lemon tsami ko maganin wanke masai, yana fitar da iska mai guba da ke shaƙe mutum a rufaffen ɗaki.

Ƙarnin da kike ji da safe kuwa, ina kyautata zaton a cikin katakon yake. Ki wanke shi, ki bar shi ya bushe a rana, ki sa farce cikin sawun wuƙar. In baƙin abu ya fito, jabel ba ya kaiwa can. Ki kai wa kafinta ya fere samansa har ya koma sumul, in kuma ya tsage ya shige ciki, ki sa shi a murhu ki sayi wani.