In biya kuɗin ajin girkin Asabar da Lahadi?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Na ga tallar wata mai girkin biki a nan Agege, za ta koyar da masa, dambun shinkafa, cincin da samosa a gidanta, Asabar da Lahadi, naira 40,000. Ni masa nake so in iya don in riƙa sayarwa. In biya?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki tura ko sisi sai kin kira ta kin ji yadda ta tsara kwana biyun nan. Dalilina kuwa ita masar ce.

Masa ba a tanda ake koyonta ba, a ƙullu ake koyo. Shinkafar tuwo ake jiƙawa ta kwana, a dafa kaɗan daga cikinta a haɗa, a kai niƙa, a zuba yis, sannan a rufe a jira ya tashi. Duk wannan ba ya shiga cikin yini ɗaya. To idan kika isa ranar Asabar kika tarar ƙullu ya riga ya tashi a bokiti, suya kawai za a nuna miki, kuma suya ko a bakin titi kika tsaya za ki gani kyauta. Ki tambaye ta kai tsaye: a gabanmu za a jiƙa a niƙa? Mai tsari za ta ce a jiƙa ranar Asabar, a niƙa da safiyar Lahadi, a soya bayan azahar.

A ƙullun nan ne ake yin asara. In mai niƙa ya cika ruwa, masar ta lafe kamar faifai ta kama tanda. In ya daɗe a rufe, da zafin nan na Legas, sai ya yi tsami, a koma neman ruwan kanwa. In wuta ta yi yawa kuma, waje ya ƙone ciki ɗanye. Hannunki ne zai gane kaurin da ya dace, ba ido ba, don haka ki ji ku nawa ne a ajin, tanda nawa ce. Mutum goma sha biyar a kan tanda ɗaya, kallo kika je.

Abinci huɗu a kwana biyu ma ni ya yi mini yawa, amma cincin ba ya cin lokaci, ba zan hana ki don wannan ba.

Tunda sana'a kike nufi, ki roƙe ta ta yi muku lissafi da awo na gaske: derika ɗaya ta shinkafa masa nawa take fitarwa a tandarta, mai nawa take sha, har da gas da kuɗin niƙa da na mota zuwa kasuwar Mile 12. Wasu masu girkin suna ɓoye wannan don gudun kishiya a unguwa. Ki kuma tambaya ko kuɗin ya haɗa da kayan girki.

In ta amsa waɗannan ba kwana-kwana, ki sayi masarta ta ɗari biyar ki ɗanɗana, sannan ki ba da rabin kuɗin, ragowar ranar Asabar.