Gona, tattaki da ƙwallo: amsoshin likita ga masu ciwon suga

Likita, shekarata 56, manomi ne ni a yankin Funtua. Ina shan Daonil kowace safiya. Tun da aka fara huɗa, da hantsi ya yi sai jikina ya ɗauki ɓari, gumi ya karyo mini, idona ya rufe. Rana ce ke buga ni ko ciwon ne ya tashi?

Malam, sannu da aiki, Allah ya ba da damina mai albarka. Abin da na fi zato shi ne sukarin jininka ne ke faɗuwa, kuma maganin da aikin ne suka haɗu suka ja shi ƙasa.

Daonil, wanda ainihin sunansa Glibenclamide, aikinsa shi ne ya matsa wa jiki ya fitar da insulin, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba, kuma ƙarfinsa kan kai yini da kwana a jiki. Ita kuwa tsoka, muddin tana aiki, zuƙe sukari take yi daga jini ta ƙona, ba ta ma jiran insulin ya buɗe mata ƙofa. To ka duba safiyarka. Ka haɗiyi ƙwaya bayan asuba, wataƙila da kofin koko kawai, ka saɓi garma ka duƙa kana tayar da kunya awa uku ko huɗu. Kokon ya ƙone tun cikin awa ta farko ko ta biyu. Hanta tana da ɗan rumbun sukari da take sakowa idan an matsu, amma yawan insulin ɗin da maganin ya jawo yakan danne ta. Shi ya sa abin ke zuwar maka da hantsi.

Idan kana da na'urar gwaji, tafi da ita gona kwana biyu ko uku, ka ajiye ta a inuwa. Da ka ji ɓarin nan, wanke yatsa ka gwada. Ƙasa da 70 mg/dL, ko 3.9 idan na'urarka mmol/L take nunawa, sukari ya faɗi. Idan babu na'ura, ɗauke shi a matsayin faɗuwar sukari. Rana ma tana sa jiri da gumi, amma yunwa mai tsanani farat ɗaya, rawar hannu da bugun ƙirji sun fi nuna sukari. Kuma cokali uku na sukari ba zai yi wa wanda rana ta buga illa ba, alhali jinkiri zai iya kayar da wanda sukarinsa ya faɗi.

Ajiye garmar nan take, kada ka ce bari in kai ƙarshen kunya. Zauna a inuwa, ka jiƙa sukari ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a ruwa ka shanye, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kwalbar lemo mai sukari. Jira minti 15. Idan ba ka dawo daidai ba, ka maimaita. Idan ka dawo, ka bi da abinci mai riƙe ciki, ɗumame ko fura ko dafaffen wake, domin sukarin da ka sha ba ya daɗewa, maganin kuwa yana nan yana aiki. Gyaɗa, ƙuliƙuli da goro ba sa ɗaga sukari da sauri, kada ka dogara da su a wannan lokacin.

Akwai wani dattijo da aka taɓa kawo mana a bayan babur, an ɗauko shi daga gona yana sambatu, rigarsa sharkaf da gumi, baki ya ɗan karkace. 'Ya'yansa sun riga sun yanke cewa shanyewar ɓarin jiki ce. Muka soki yatsa, na'ura ta nuna 38. Ana ɗura masa ruwan sukari ta jijiya, ba a yi minti goma ba ya buɗe ido yana tambayar ina fartanyarsa. Mun riƙe shi ya kwana, saboda faɗuwar da wannan magani ke jawowa takan dawo bayan awoyi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, cikin waɗanda suke aiki tare da shi babu wanda ya san yana shan maganin suga. Don Allah ka gaya wa 'ya'yanka da abokan aikinka. Ka nuna musu aljihun da ƙullin sukari yake. Ka ce musu idan suka ga ka fita hayyacinka har ba ka iya haɗiya, kada su ɗura maka komai a baki, su kwantar da kai ta gefe su garzaya asibiti.

Shirin gobe kuwa: ka karya da abinci na sosai kafin ka fita, ka tafi da fura ko dabino ka ɗan taɓa bayan kowace awa ɗaya zuwa biyu, ga jarkar ruwa kusa. Sannan a cikin makon nan ka koma wurin likitan da ya rubuta maka maganin, ka ce masa an shiga noma. Adadin da ya dace da kai da rani, kana zaune a gindin bishiya, ya yi wa mai huɗa yawa. Zai iya rage shi ko ya canza maka wani da bai kai shi kayar da sukari ba. Kada ka daina sha da kanka.

Likita, Metformin kaɗai nake sha. An ce in riƙa tattaki, amma ina tsoron in faɗi a hanya kamar wata maƙwabciyarmu. Wane lokaci ya fi?

Hajiya, kwantar da hankalinki. Metformin shi kaɗai da wuya ya kayar da sukari, domin ba ya tilasta wa jiki fitar da insulin. Mai yiwuwa maƙwabciyar taki allura take yi ko wata ƙwayar daban take sha.

Lokacin da ya fi shi ne bayan cin abinci, domin sukari yakan kai ƙololuwa tsakanin awa ɗaya zuwa biyu da ci. Idan kika gama tuwon dare, ki ɗan huta kamar minti 15, sai ki tashi ki taka na minti 10 zuwa 15, ko da zagayen tsakar gida ne, da saurin da za ki ji numfashi ya ɗan ƙaru amma kina iya magana. In kika yi haka sau biyu ko uku a yini, kin kama hanyar minti 150 a mako da muke so, kuma kada ki bari kwana biyu su wuce a jere ba ki yi ba. Ki gwada da kanki ki gani: yau ki auna awa biyu bayan tuwo ba tare da tattaki ba, gobe ki ci daidai wannan tuwon ki taka ki sake aunawa. Muna so a lokacin ya zama ƙasa da 180.

Ƙafarki ce ma na fi jiye wa. Ki sa takalmi rufaffe mai laushi, ki zazzage shi kafin ki sa, ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu in kin dawo. Idan kika ji ƙirji ya riƙe ko numfashi ya sarƙe, ki tsaya ki je a duba zuciya.

Ɗana shekararsa 17, yana allurar insulin. Kafin ƙwallon yamma ya auna 140, da aka tashi ya ga 235, sai ya ƙara allura. Ƙarfe biyun dare muka same shi cikin gumi, na'ura ta nuna 55. Ashe ba sauke sukari motsa jiki ke yi ba?

Baba, Allah ya kiyaye gaba, kun yi dace da kuka farka. Ƙwallo tana da fuska biyu. Gudun tsere, karo da ɗokin cin wasa suna sa jiki ya saki sinadaran shirin faɗa, su kuma su umarci hanta ta kwararo sukari cikin jini, har ya fi abin da tsoka ke iya ƙonawa a lokacin. Daga nan 235 ɗin ta fito. Hawa ne na ɗan lokaci, yawanci yakan fara sauka da kansa cikin awa ɗaya ko biyu.

Fuska ta biyu tana zuwa ne bayan kowa ya kwanta. Tsokar da ta ƙarar da ajiyarta a fili takan kwana tana janye sukari daga jini tana mayar da abin da ta kashe, kuma jiki yakan fi jin insulin har tsawon kwana guda ko fiye. Allurar da ya ƙara ta faɗa a kan wannan. Saboda haka kada ya sake yi wa hawan bayan wasa cikakkiyar allurar gyara. Ya sha ruwa, ya ɗan zagaya a hankali na minti goma, ya sake aunawa bayan awa ɗaya. In bai sauka ba, akwai ragaggen adadi da ake yi, wannan likitansa ne zai tsayar masa. Ku tambaye shi kuma ko za a rage allurar dare a ranakun wasa, domin sau da yawa ana yin haka.

Kafin ya ɗaura takalmi ya auna. Ƙasa da 90, ya ci ayaba ko yankan burodi, ya jira ya hau. Idan ya haura 250, a duba keton, wato sinadarin da ke taruwa idan jiki ya koma ƙona kitse maimakon sukari, da tsinken gwajin fitsari. In akwai shi fiye da ɗan alama, ko yana jin tashin zuciya da ciwon ciki, babu wasa a ranar, domin jikinsa ba shi da isasshen insulin, kuma gudu zai ƙara tunzura abin har ya kai shi gadon asibiti. Allurar da zai yi kusa da wasa ya yi ta a fatar ciki, saboda ta cinya takan shiga jini da gaggawa idan ana gudu, ballantana da zafi. Ya ajiye lemo ko sukari a bakin fili, ya auna a hutun rabin lokaci, kuma mai horar da su ya san halin da yake ciki.

Kada ku hana shi ƙwallo. Ku sayi ƙaramin littafi ya riƙa rubuta lamba huɗu duk ranar wasa: kafin farawa, da tashi, lokacin kwanciya, da tsakar dare. Idan na kwanciya bai kai 130 ba, ya ci burodi da madara ko ɗan tuwo kafin ya yi barci. Ku kuma ku saita ƙararrawar waya ƙarfe biyu, ku tashe shi ku auna, a wasanni uku ko huɗu na farko, sannan ku tafi wa likitansa da littafin.