Farashi ya kwashe ni a daɓe sannan ya tashi: kyandir ne ya yi ƙarya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan Tudun Wada ne a nan Kaduna, wata uku ke nan da na fara koyon foreks, cinikin kuɗaɗen ƙasashe. Jarina dala 200. Na ga EURUSD, wato farashin yuro da dala, ya sauko safot ɗin 1.0800, kyandir ɗin M15 na minti goma sha biyar ya yi guduma, na saya, na sa Stop Loss, umarnin rufe ciniki don tsayar da asara, a 1.0798. Farashi ya sauka ya kwashe ni, sannan ya juya ya hau. Kyandir ɗin ne ba gaskiya ba, ko dillalin ne ke farautata?

Amsa: Ɗan'uwa, barka dai. Kyandir bai yi maka ƙarya ba, ka dai ɗora masa aikin da ba nasa ba ne. Lambobi huɗu kawai kowane kyandir yake ɗauke da su: farashin da aka buɗe da shi, mafi tsadar da aka kai, mafi arhar da aka kai, da farashin da aka rufe. Gangar jikinsa ita ce tsakanin buɗewa da rufewa, siraran lagwanin sama da ƙasa kuwa suna nuna inda farashi ya leƙa ya dawo. Idan an rufe sama da inda aka buɗe, yawanci kore ne, idan ƙasa, ja. Asalin wannan zane daga 'yan kasuwar shinkafa na Japan ya fito, kuma mai sayar da hatsi ma zai fi kowa saurin gane shi. A ce ranar kasuwar Saminaka an buɗe buhun masara a dubu arba'in, da hantsi motoci suka cika ya faɗi zuwa talatin da shida, da yamma manyan masu saye suka iso aka tashi a arba'in da ɗaya. Ga gudumarka nan: ƙaramin jiki a sama, dogon lagwani a ƙasa. Ta ba ka labarin ranar sarai. Ba ta ce komai a kan mako mai zuwa ba.

Safot, ni daɓe nake ce masa, wuri ne da farashi ya taɓa saukowa masu saye suka tare shi. Rizistans shi ne rufi, inda masu sayarwa suka taɓa danne shi. Kuskurenka na farko, ka ɗauki daɓen a matsayin siririn layi, alhali fili ne mai faɗi. Buɗe jadawalin H4 ko D1, wato mai kyandir ɗin awa huɗu ko na kwana ɗaya, ka duba wuraren da farashi ya juya sau biyu ko uku a baya. Za ka ga bai taɓa juyawa a lamba ɗaya ba: yau 1.0818, wancan karon 1.0803, wani lokacin lagwani ya tsallaka ƙasa da 1.0800 ya dawo. Don haka akwati ake zanawa, daga 1.0800 zuwa 1.0820 misali, kuma a bar wa lagwani wurin numfashi a ƙarƙashinsa. Kai kuwa fif biyu kacal ka bari, daga 1.0800 zuwa 1.0798, don fif ɗaya shi ne motsin 0.0001. Tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa kaɗai tana iya cinye rabin wannan.

Batun farauta kuma, ba na cewa duk dillalai tsarkaka ne, amma ba a buƙatar mugun dillali kafin wannan ta faru. Dubban masu koyo sun ga 1.0800 ɗin da ka gani, domin cikakkiyar lamba ce mai jan ido, kuma duk a gindinta suka jibge Stop Loss. Kowane Stop Loss na mai saye umarnin sayarwa ne da ke jira. Da farashi ya taɓa wurin sai su tashi gaba ɗaya, ya ƙara zurmawa, manyan masu saye su sami kaya da arha su kwashe. Idan kana zargin dillalinka, gwada lagwanin nan da na wani dillali a shafin TradingView. In tsawonsu ɗaya ne, kasuwa ce ta yi maka, ba shi ba.

Bari mu sake cinikin nan a H4. A ce kyandir ya buɗe a 1.0825, ya faɗi 1.0790, ya hau 1.0840, ya rufe a 1.0835. Jikinsa fif 10, lagwanin ƙasa fif 35, na sama 5. Ka lura, a cikin wannan dogon lagwanin aka yanka ka. Kyandir ɗin H4 guda ɗaya kyandirori goma sha shida ne na M15, shi ya sa gudumar minti goma sha biyar ba ta da nauyi, a yini ɗaya sai ka ga irinta da yawa ba su haifar da komai ba. Mai haƙuri yakan jira kyandir ya rufe, don wanda bai rufe ba yana iya zama guduma yanzu, bayan minti ashirin ya koma dogon ja.

To ya rufe a saman akwatin, alama ta yi kyau. Ka saya a 1.0835, ka sa Stop Loss a 1.0780, wato ƙasa da ƙarshen lagwani: kasadar fif 55. Rufi yana 1.0900, don haka riba za ka ɗauka wajen 1.0895: fif 60. Kana jingina 55 don ka sami 60. Sai ka ci kusan rabin irin wannan ciniki kafin ka dawo da uwar kuɗi, ban da kuɗin dillali. Sannan lot shi ne ma'aunin girman ciniki, kuma a 0.01 lot, kowane fif na EURUSD santi goma ne, asararka dala biyar da rabi, kusan kashi uku cikin ɗari na jarinka. In dokarka kashi ɗaya ce, wato dala biyu, cinikin nan ya fi ƙarfin aljihunka ko da mafi ƙanƙantar lot. Ni da zan bar shi ya wuce, duk kyan gudumar. Wannan lissafin ne ba a cika nunawa a azuzuwan kwana uku da ake tallatawa a gari ba, sai hotunan inda guduma ta ci.

Akwai kuma abin da jadawali ba ya gani sam, wato labarin da bai fito ba tukuna. Rahoton ayyukan yi na Amurka, NFP, yawanci ranar Juma'ar farko ta wata yake fita, ƙarfe ɗaya da rabi ko biyu da rabi agogonmu gwargwadon lokacin shekara, daidai lokacin da kake masallaci ko kana hanyar dawowa. A minti ɗaya yana iya ratsa daɓe da rufi duka. Mafi muni shi ne abin da ya faru ranar 15 ga Janairu, 2015. Fiye da shekara uku Babban Bankin Suwizalan yana riƙe EURCHF, wato farashin yuro da kuɗin Suwizalan, kada ya sauka ƙasa da 1.20, daɓen da babu irinsa a kowane jadawali. Da safiyar ranar bankin ya janye hannu, farashi ya rufta cikin mintuna, Stop Loss na mutane bai sami mai saye a wurin da aka sa shi ba, wasu suka tashi da bashi fiye da jarinsu. Babu kyandir ɗin da ya nuna haka tun jiya. A 2018 hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Turai ta bayyana cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi, ga shi kuwa jadawali a buɗe yake a gaban kowa.

Ka koma asusun gwaji tukuna. Zana akwatunanka a H4, ka rubuta duk gudumar da ta rufe a cikinsu har hamsin, da wadda ta ci da wadda ta faɗi, ka lissafa fif ɗin kowace. Ka riƙa rubutawa kafin kyandir na gaba ya fito, domin in ka duba baya ido yakan tsallake waɗanda suka faɗi. In jimillar ta fito da riba bayan cire kuɗin dillali, sai ka koma da kuɗi na gaske a asusun santi, wanda ake ciniki da santi maimakon dala, inda dala biyun nan za ta ishe ka.