Yadda ake raba asusun Facebook da bayanan da wasu shafuka ke tura masa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na duba farashin keken ɗinki a wani shafin sayar da kaya, washegari ina buɗe Facebook sai ga tallarsa. Ta yaya zan hana wannan, in kuma goge abin da suka riga suka tara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Shafin da kika shiga shi ne ya kai rahotonki. Yawancin irin waɗannan shafuka suna ɗauke da wata 'yar manhajar bibiya mai suna `Meta Pixel`, manhajojin waya ma suna da irin tasu. Kina buɗe hoton keken, ko kika jefa shi a kwandon saye, sai saƙo ya tafi wa kamfanin Meta mai Facebook, shi kuma ya haɗa shi da asusunki.

Tun Janairun 2020 Facebook ya buɗe wa kowa wurin duba wannan. Ki shiga `Settings`, sai `Accounts Center`, sai `Your information and permissions`, sannan `Your activity off Meta technologies`. Kafin ki taɓa komai, ki tsaya ki karanta jerin sunayen. Za ki tarar da shafin keken, wataƙila har da wasan da yaro ya sauke a wayarki. Idan ba ki ga na jiya ba, kada ki ɗauka kin tsira, yakan ɗauki kwanaki kafin ya bayyana.

Inda mutane ke kuskure shi ne su danna `Clear previous activity` su fita. Wannan na baya kawai yake cirewa, gobe tarin ya ci gaba. Sai kin shiga `Manage future activity` kin zaɓi `Disconnect future activity` sannan kin toshe hanyar. Ki ba shi kamar awa 48 kafin ya gama aiki.

Kafin nan, ki tuna manhajojin da kike shiga da asusun Facebook, domin za a iya fitar da ke daga cikinsu. Na ga wadda ta sha wahalar komawa manhajar da take karɓar odar kaya saboda ba ta taɓa saka kalmar sirri ba. Ki fara saka imel da kalmar sirri a kowace. Idan shafi ɗaya ko manhaja ɗaya ce kawai ke damunki, `Disconnect specific activity` ya wadatar.

Sai abin da nake so ki sani sarai, don kalmar gogewa tana ruɗar mutane. Meta ba ya shafe bayanan daga rumbunsa, raba su yake yi da asusunki. Shafukan ma ba za su daina turawa ba. Yawan talla ba zai ragu ba, sai dai ta rage bin sawun yawonki a waje. Idan bayan kwana biyu kika sake ganin keken ɗinki, ki duba ko kina bin shafukan teloli a cikin Facebook ɗin kansa, domin wannan saitin bai shafi abin da kike yi a ciki ba.